Sefsis: Alamomi Uku a Bakin Gadon Majinyaci

Sharhinmu na yau na ƙannenmu ne sababbin likitoci masu sanin makamar aiki, waɗanda ake bar wa ɗakin agajin gaggawa idan dare ya raba, a asibitocin Fagge da Sabon Gari da sauran sassan birnin Kano. Malaman jinya ma su matso kusa, domin galibi su ne suke fara taɓa majinyaci. Batunmu shi ne sefsis: abin da yake faruwa a cikin jiki, da yadda za a gane shi tun kafin a kai ga salati.

Mu fara da ma'anarsa kamar yadda masana suka tsayar a shekarar 2016. Sefsis shi ne gazawar sassan jiki mai barazana ga rai, wadda take faruwa idan martanin da jiki ya mayar wa ƙwayar cuta ya wuce gona da iri. A lura da kyau. Shigar ƙwayar cuta jiki ba shi ne sefsis ba, kuma zazzaɓi komai zafinsa ba shi ne sefsis ba. Ana kiransa da wannan suna ne idan ƙoda, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, ko hanta, ko zagayen jini ya fara kasawa a sanadiyyar cutar. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutum kusan miliyan 49 ne suka kamu da shi a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar. Kuma nahiyarmu, kudu da hamadar Sahara, tana cikin inda abin ya fi ƙamari.

Wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san dalilin da ya sa wannan magana tamu ce. Ga Kantin Kwari, ga kasuwar Sabon Gari, ga tashoshin mota da baƙi ke sauka dare da rana, ga gidajen haya cunkushe, ga ruwan 'yan garuwa da ba kowa ya san inda aka ɗebo shi ba. A nan ne kuma Asibitin Zana yake, inda aka saba kai masu cututtuka masu yaɗuwa. Mutumin wannan yanki idan zazzaɓi ya kama shi, kemis yake fara zuwa, a haɗa masa maganin maleriya da na taifod da farasitamol, ya sha kwana biyu ya koma kasuwa. Ba ya zuwa hannunka, likita, sai an yi mako guda ko fiye, zazzaɓin ya lafa saboda magani, cutar kuwa ta yi nisa. Saboda haka duk wanda ya dogara da ma'aunin zafin jiki kaɗai, za a yi ta wuce shi da masu sefsis bai sani ba.

To, me yake faruwa a ciki? Idan ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini suna gane ta da wasu alamomi da ke jikinta, sai su saki sinadaran kiran gangami da ake kira saitokayin. Muddin abin ya tsaya a wuri ɗaya, kamar maruru, alheri ne: jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya taru, dakarun jiki su fita su ci da yaƙi. Matsalar tana zuwa ne idan wannan gangami ya game jiki gaba ɗaya. Daga nan abubuwa uku suke faruwa, kuma duk abin da za ka gani a bakin gado daga cikinsu yake fitowa.

Na farko, jijiyoyin jini suna saki. Bangonsu yana fitar da sinadarin naitirik oksaid fiye da kima, sai su buɗe su ƙi tsukewa. Na biyu, shimfiɗar da ke cikin ƙananan jijiyoyi tana lalacewa, sai ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama da huhu. Na uku, jini yana daskarewa ƙanana-ƙanana a cikin waɗannan jijiyoyi, ya toshe wasu, har sinadaran daskarar da jini su ƙare, majinyaci ya koma zubar da jini. Ka ƙaddara mai lambu ne a bakin rafi: injinsa yana aiki, amma tiyon ya yi faɗi, ya huhhuje, ƙasa kuma ta toshe wasu bakunansa. Injin zai yi ta ƙara, amma kwamin da ke nesa ba zai ga ruwa ba. Zuciya ita ce injin, shi ya sa take ƙara gudu tun da wuri. A wasu majinyatan ita kanta zuciyar sinadaran suna raunana ta.

Idan jini bai isa wuri ba, iskar oksijin ba ta isa ba, kuma a sefsis har ƙwayoyin halittar da iskar ta isa gare su sukan kasa amfani da ita yadda ya kamata. Sai sinadarin laktet ya taru, jini ya yi tsami. Jiki ba shi da hanyar gaggawa ta rage wannan tsami sai ta numfashi, saboda haka majinyaci yake fara haki ko da huhunsa lafiya lau. Ƙwaƙwalwa ba ta jure wannan yanayi, sai mutum ya fara ruɗewa ko yawan barci. Ƙoda ta rage fitsari. Awon jini kuwa shi yake zuwa a baya, musamman ga matashi mai ƙarfi, domin jikinsa zai yi ta tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa yana riƙe awon har sai ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya faɗi gaba ɗaya.

Wanda ya fahimci wannan ba ya buƙatar haddar qSOFA, domin ya riga ya san daga inda ta fito. Ma'auni ne na manya, mai alamomi uku, kowace maki ɗaya. Ta farko, numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya. Ta biyu, canjin hayyaci, wato duk abin da ya gaza 15 a ma'aunin GCS. Ta uku, awon jini na sama ya kasance 100 ko ƙasa da haka. Idan mutumin da ake zargin yana da ƙwayar cuta ya sami maki biyu ko uku, yana cikin haɗarin mutuwa ko doguwar jinya a ɗakin kulawa ta musamman. Babu gwajin jini a ciki, babu wutar lantarki, babu kuɗi. Agogo ne, da abin awon jini, da magana da majinyaci.

A cikin ukun nan, numfashi shi ne wanda aka fi zalunta. Duba fayil-fayil ɗin ɗakin kwanciya, za ka ga 20, 20, 20 a jere, safe da rana da dare, domin ba a ƙirga ba, cikewa aka yi. Alhali ita ce alamar da ta fi saurin bayyana. Ka riƙe hannun majinyaci kamar kana jin bugun jini, don kada ya canza numfashinsa, ka kalli ƙirjinsa minti ɗaya cur. Hayyaci kuma ba sai mutum ya suma ba. Ka gaishe shi, ka tambaye shi sunansa, da unguwarsu, da ranar da ake ciki. Sannan ka juya ga mai jinya ka ce, haka yake magana da ma? Idan matarsa ta ce tun jiya yake sambatu, ko ɗansa ya ce Baba bai gane ni ba da asuba, maki ɗaya ya tabbata. Kada ka yarda a ce maka ai gajiya ce ko tsufa.

Yanzu ga inda ake kuskure. An samo qSOFA ne daga bayanan majinyata na asibitoci 12 a jihar Pennsylvania ta Amurka, kuma an gina ta ne don hasashen wanda zai iya mutuwa, ba don gano sefsis ba. A waccan ƙididdiga, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na masu ƙwayar cuta suka sami maki biyu ko uku, amma daga cikinsu ne kusan kashi 70 cikin ɗari na munanan sakamako suka fito. Ma'ana idan ta yi ƙara, ka tashi tsaye. Amma akwai sauran da ba ta kama ba. Shi ya sa ƙa'idojin Surviving Sepsis Campaign na 2021 suka hana a dogara da ita ita kaɗai wajen tantance majinyata. Maki biyu yana nufin maza-maza. Maki ɗaya ko sifiri ba ya nufin lafiya lau, je ka gida.

Don haka sai ka haɗa ta da abin da idonka da hannunka za su ba ka. Bugun zuciya sama da 90. Zafin jiki sama da 38 ko ƙasa da 36, kuma sanyin jiki ya fi zafin ban tsoro. Danna farcen yatsa na daƙiƙa biyar ka saki; idan jini ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ba, zagayen jini ya yi rauni. A fatarmu ba kasafai ake ganin dabbare-dabbaren da littattafai ke nunawa ba, saboda haka ka shafa daga cinya zuwa tafin ƙafa ka ji inda ɗumi ya ƙare. Ka tambayi rabonsa da fitsari. Kuma idan adadin bugun zuciya ya zarce awon jini na sama, wannan majinyaci yana gab da faɗuwa ko da awon nasa bai sauka 100 ba. Ka tuna kuma mai hawan jini da ya saba da 170, idan ka same shi a 115, ya riga ya faɗi. Yara kuwa wannan ma'auni ba nasu ba ne sam, mai ciki da mai jego ma a yi hattara, domin awonsu ya bambanta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara ƙarfe 11 na dare an kawo maka ɗan dako daga Kantin Kwari, ɗan shekara 28, nauyinsa kilo 60. Kwana goma yana zazzaɓi, ya sha magungunan kemis, yau da rana ciwon ciki mai tsanani ya turnuƙe shi. Zafin jikinsa 37.4, abin da zai sa mai gaggawa ya ce ba komai. Amma ka ƙirga numfashi ka sami 28. Bugun zuciya 124. Awon jini 94 bisa 58. Ya san sunansa, amma ya ce yana kasuwa ne, kuma rabonsa da fitsari tun safe. Makinsa uku cif. An yi gwajin maleriya na gaggawa, ya nuna akwai.

A nan ne tarkon yake. Da yawa za su rubuta maleriya mai tsanani, su rataya ruwa, su tafi gado na gaba. Amma a Kano, musamman da damina, mutum yana iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsa alhali wani abu daban ne yake kashe shi. Ka ba shi atesunet ta jijiya, miligiram 2.4 kan kowane kilo, wato 144, domin ba a wasa da maleriya. Amma kada gwajin ya rufe maka ido. Tambayar da ke bin kowane maki na qSOFA ita ce, ina mafarin cutar? Ka buɗe majinyaci ka duba huhu, da mafitsara, da fata, da tafin ƙafar mai ciwon suga, da wuya ko ya sandare, da mahaifar mai jego ko wadda ta yi ɓari. A wannan saurayi, da ka ɗora hannu a ciki sai ka ji shi tauri kamar katako, ya zabura. Zazzaɓin kwana goma da ciki irin wannan, hujewar hanji ce ta taifod har sai an tabbatar da akasin haka.

Ga abin da sa'a ta farko ta ƙunsa. Ka kira na sama da kai yanzu, kada ka jira zagayen safe. Ka sa manyan kanula biyu. Ka ɗebi jini don shuka ƙwayar cuta kafin magani idan akwai hali, tare da ƙidayar jini, da gwajin ƙoda, da rukunin jini, da laktet inda ake yi. Ka auna suga da ɗan tsinken yatsa, domin faɗuwar suga tana ruɗa mutum kuma gyaranta minti biyar ne. Ka ba da oksijin idan na jininsa ya gaza. Sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya a cikin sa'a ɗaya, misali seftiriyazon giram 2 da metronidazol miligiram 500, ko abin da asibitinku ya tsara. Idan kwalbar gwaji ba ta samu ba, kada magani ya jira ta. Kuma rubutawa a kati ba ita ce bayarwa ba. Mai jinya zai karɓi takarda ya fita neman kuɗi da kantin da ke buɗe, sa'a uku ta wuce. Ka nemi allurar farko daga akwatin gaggawa, ka tsaya har ka ga ta shiga, ka rubuta lokacin.

Sai batun ƙarin ruwa, wanda yake buƙatar nutsuwa. Ƙa'idar duniya ta ba da shawarar mililita 30 kan kowane kilo a cikin sa'o'i ukun farko ga wanda jininsa ya faɗi, wato lita 1.8 ga wannan saurayi, na ringas laktet ko nomal salin. Amma akwai darasi daga nahiyarmu. A birnin Lusaka na Zambiya an gwada tsarin ɗura ruwa da yawa cikin sauri ga manya masu sefsis da faɗuwar jini, mafi yawansu masu ɗauke da cutar ƙanjamau, aka buga sakamakon a 2017: kashi 48 cikin ɗari suka rasu a asibiti, a kan kashi 33 na waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Kafin nan, a 2011, binciken FEAST a kan yara fiye da 3,000 a Kenya da Yuganda da Tanzaniya ya nuna ɗura ruwa da sauri ya ƙara mace-mace. Mu tuna jijiyoyin suna yoyo. Ruwan da ya wuce kima yana iya tafiya huhu, kuma mafi yawan asibitocinmu ba su da na'urar taimakon numfashi.

Darasin ba shi ne a hana ruwa ba. Darasin shi ne a ba da shi da awo, ana tsaye a kai. Ka ba da leda ɗaya ta mililita 500 cikin minti 15 zuwa 30, ka dawo ka sake aunawa. Bugun zuciya ya ragu? Farce yana cika da wuri? Hayyaci ya fara dawowa? To ƙara. Idan kuwa numfashi ya ƙaru, oksijin ya sauka, ka ji ƙarar ruwa a ƙasan huhu, ko jijiyar wuya ta cika, to dakata. Ka ninka hattara ga tsoho, da mai ciwon ƙoda, da mai ƙarancin jini, da mai jego, domin Kano tana cikin wuraren da ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa. Ka sa robar fitsari. Abin nema shi ne rabin mililita kan kowane kilo a sa'a, wato mililita 30 a sa'a ga saurayinmu.

Mu ce bayan leda uku awonsa ya koma 84 bisa 50. Lissafa matsakaicin awo: na sama, a haɗa da na ƙasa sau biyu, a raba uku. 84 da 100 ya zama 184, a raba uku ya ba da kusan 61. Abin da ake nema 65 ne ko fiye. Ruwa ya yi iya nasa, yanzu tiyon ne yake buƙatar tsukewa. Maganin farko shi ne noradirenalin, idan babu shi adirenalin, ana ɗigawa a hankali ƙarƙashin kulawar babban likita, kuma ana iya farawa ta babbar jijiyar hannu na ɗan lokaci. Wanda yake buƙatar wannan magani, kuma laktet ɗinsa ya haura 2 duk da ruwan da aka ba shi, ya shiga matakin da mace-macensa ya wuce kashi 40 cikin ɗari.

Duk da haka, babu allurar da za ta ɗinke hujin hanji. Hoton ƙirji a zaune yana iya nuna iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, amma rashin ganinta ba ya kore hujewa. Wannan saurayi tiyata yake buƙata a daren nan. Haka mugunya sai an fasa, ragowar mabiyiya sai an kwashe, ruɓaɓɓen nama sai an yanke, tsohuwar kanula da ta kumbura sai an cire. Idan asibitinka ba shi da likitan tiyata ko jini, ka ba da maganin farko da ruwa, ka buga waya Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano kafin mota ta tashi, ka rubuta awon da ka samu da lokacin kowane magani, ka haɗa shi da ma'aikacin jinya. Tura majinyaci a adaidaita sahu da 'yar takarda, babu kanula babu allura, ba turawa ba ce, sallama ce.

Akwai gargaɗi biyu kafin lokaci ya ƙure mana. Maki biyu ba kullum sefsis ba ne. Zubar jini a ciki, kamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da gazawar zuciya, da hawan suga mai tsanani duk suna ba da shi. Sannan ka kare kanka. A watan Janairun 2020 Kano ta yi rashin likitoci biyu a sanadiyyar zazzaɓin Lasa. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, da ciwon maƙogwaro, ko kumburin fuska, ko zubar jini, musamman da rani, ka sa safar hannu da takunkumi, ka keɓe majinyaci, ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.

Ga iyaye da masu jinya da ke saurare, idan naku yana zazzaɓi ko yana da rauni ko ya haihu kwanan nan, sai kuka ga yana haki, ko yana sambatu, ko fitsari ya ɗauke, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi, kada a koma kemis, kada a jira gari ya waye. Ga shugabannin asibitoci kuma, a ajiye allurar farko da ledar ruwa a ɗakin gaggawa, a bayar kafin a yi maganar kuɗi.

Ku kuma ƙannena likitoci, roƙona ɗaya ne. Duk mai zazzaɓi ko wanda kuke zargin ƙwayar cuta, ku ƙirga numfashinsa da kanku, ku yi magana da shi, ku auna jininsa, ku nemo mafarin cutar, sannan ku dawo bayan rabin sa'a ku sake aunawa. Rai na Allah ne, amma sa'ar farko amana ce a hannunku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa aikinku albarka.